Masu cewa "ni ba a tambaye ni ba"

Duk lokacin da aka fitar da sakamakon binciken jin ra'ayin jama'a, martani ɗaya ake ji a majalisu da gidajen rediyo: yaya za a tambayi mutum dubu, a ce haka miliyoyin mutane suke tunani? Har masu ilimi ma suna faɗin haka, suna ganin sun kama masu bincike da zamba. Wannan suka ba ta da tushe, kuma ɓarnar da take yi ita ce kawar da idonmu daga inda maguɗin gaske yake.

A shekarar 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta yi abin da masu wannan suka suke so. Ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2, ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin ɗari. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kusan 50,000 kacal, ya ce Roosevelt ne zai ci. Ranar zaɓe Roosevelt ya kwashe kusan kashi 61 na ƙuri'u da jihohi 46 cikin 48. Ba a yi shekara biyu ba mujallar ta rufe.

Me ya kayar da ita? Sunayen da ta aika wa takarda ta tsamo su ne daga kundin masu wayar tarho, da rajistar masu mota, da masu sayen mujallar. A lokacin tattalin arziki ya durƙushe, talaka bai cika mallakar waya ko mota ba, shi ne kuma ya fi son Roosevelt. Sannan cikin waɗanda aka aika wa, masu jin haushin gwamnati sun fi zafin nama wajen mayar da amsa. Da an ninka takardun sau goma, kuskuren nan dai za a maimaita.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san wannan. Ba ya zazzage buhun gero ya duba ƙwaya ƙwaya. Hannu yake zurawa sama da tsakiya da can ƙasa, domin ya san mai kyau ake jerawa a baki. Mudu goma daga bakin buhu bai kai tafin hannu ɗaya daga wurare dabam dabam faɗin gaskiya ba.

Haka masu bincike na ƙwarai suke yi. Sukan raba ƙasa yanki yanki, birni da ƙauye, gwargwadon yawan jama'ar kowane. Sai a fitar da unguwanni ta hanyar ƙuri'a, a cikin unguwa a fitar da gidaje, a cikin gida a fitar da mutum ɗaya, ba lallai maigida ba. Idan ba ya nan sai a sake dawowa, ba a maye gurbinsa da wanda aka tarar a ƙofar gida yana shan iska. Manufar ita ce kada son ran mai tambaya ko sauƙin hanya su zaɓi kowa.

In an yi haka, lissafi yana nuna iyakar kuskuren. Da mutum 1,000, idan kashi 52 suka ce e, to sau 95 cikin ɗari ainihin adadin yana tsakanin 49 da 55. Da mutum 2,500 tazarar takan sauko zuwa maki biyu, kuma sai an kai 10,000 kafin ta zama ɗaya. Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne, yawan al'ummar kusan ba ya cikin lissafin: samfurin da ya ishi Nijar ya ishi Najeriya.

Akwai wuraren da ya kamata a ɗaga murya. Mutum 1,000 ɗin nan idan aka watsa su a jihohi 36 da Abuja, kowace za ta samu kusan 27, kuma tazarar kuskure a kan mutum 27 ta kusa maki 20. Don haka wanda ya ɗauki irin wannan bincike ya ce ga abin da Jigawa take so, shaci-faɗi yake yi. Binciken da aka yi ta waya da Turanci kuwa ya riga ya zubar da matar ƙauye da ba ta da waya, ko wadda wayar tana hannun mijinta. Ƙuri'ar da ake buɗewa a intanet kowa ya danna ta fi duka muni, ko da mutum miliyan ne suka danna, domin su suka zaɓi kansu.

Tambayar da ɗan jarida zai yi wa mai bincike ita ce daga wane jeri aka zaɓo mutanen, da wane harshe aka yi musu magana, kuma nawa ne suka ƙi amsawa.