Takardar bangon asibiti ma rubutu ce



Hunturu ya shigo Kaduna, kuma duk wanda ya leƙa ƙaramin asibiti a Badarawa da safe ya san abin da zai tarar: benci cike da mata, yara na ta tari, majina na zuba. A wani asibitin da muka zauna jiran layi, akwai takarda manne a bango da ke cewa maganin antibayotik ba ya warkar da mura. An rubuta ta da Turanci, an sa fassarar Hausa a ƙasa. Mun karanta Hausar sau biyu kafin muka gane inda ta dosa. Uwar da ke kusa da mu kuwa, da aka sallame ta da farasitamol kawai, sai ta fito tana cewa ba a ba ta komai ba, za ta biya ta kemis ta sayi kafso.

Ra'ayinmu shi ne, takardar nan ba ta faɗi ƙarya ba, amma ba ta yi aikinta ba. Kuma gyaranta aikin marubuci ne kamar yadda yake aikin likita.

Matsalar farko kalma ce. Takardar ta ce antibayotik na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe ƙwayoyin cutar mura. Ga Bahaushe wannan tufka da warwara ce, domin "ƙwayar cuta" ɗaya muke da ita a baki, alhali masana na nufin abubuwa biyu. Akwai bakteriya, wata 'yar halitta mai zaman kanta, tana ci tana hayayyafa, kuma tana da bango da ya kewaye ta. Magani irin amoksilin bangon nan yake hana ta ginawa, sai ta fashe ta mutu. Akwai kuma bairos, wanda ba shi da wannan bango, ba ya ma iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin jikinmu. Mura da mura mai zafin zazzaɓi da yawancin tari duk aikin bairos ne. Idan an sha amoksilin dominsu, maganin ya shiga jiki ne bai tarar da abin rusawa ba.

Ba za mu zuba duk wannan a bango ba. Mai jiran layi da yaro a goye jimla ɗaya yake buƙata wadda za ta zauna masa, kuma muna ganin wannan ta isa: maganin ɓera ba ya kashe sauro. Ba don maganin jabu ne ba, ba don ya yi kaɗan ba, abin da aka yi shi dominsa ne daban.

Matsala ta biyu ita ce takardar ba ta amsa hujjar da mutane ke riƙe da ita ba. Kowa zai ce maka ya taɓa shan ja-da-yalo mura ta tafi. Gaskiya ne ta tafi. Amma mura kan yi sauƙi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, kuma yawancinmu sai a rana ta uku, lokacin da ta fi tsanani, muke zuwa kemis. Kwana huɗu bayan haka an warke, sai kafso ya karɓi ladan aikin da jiki ya yi. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Haka nan majina ko kaki da ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ba shi kaɗai ke nuna bakteriya ta shigo ba, ana ganin hakan a mura ta yau da kullum. Takardar da ta tsallake waɗannan biyun ta bar mai karatu da imaninsa yadda ya zo da shi.

Matsala ta uku kuskure ne da mu kanmu kan yi. Mukan rubuta cewa "jiki zai saba da magani". Ba jiki ke sabawa ba. A hanjinmu da fatarmu akwai bakteriya masu yawa da ke zaune lafiya da mu. Duk lokacin da aka sha antibayotik, raunana daga cikinsu na mutuwa, masu taurin kai su tsira su yaɗu, su kuma wuce ga na kusa ta hannu da kwano da ruwa. Ranar da ciwon da ke buƙatar maganin da gaske ya zo, sai a sha bai ci ba, kuma mai yiwuwa wanda abin ya faɗa wa jariri ne da bai taɓa shan kafso ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna gwargwadon yawan jama'a.

Wani zai ce, to idan muka hana mutane magani, yaro mai limoniya ya zauna a gida fa? Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma shi ya sa hani kaɗai bai isa takarda ba. Dole ta faɗi abin da za a yi, da lokacin da za a dawo. Ga yadda muka gwada rubuta ta:

"Mura da yawancin tari ba sa jin antibayotik, kamar yadda maganin ɓera ba ya kashe sauro. Mura kan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ku sha ruwa sosai, ku huta, ku sha farasitamol idan akwai ciwon kai ko na jiki. Zuma na rage tari, amma kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Idan da zazzaɓi, a gwada jini domin maleriya. Ku dawo nan take idan yaro na numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya kasa shan ruwa. Tarin da ya kai mako 2 a zo a gwada kaki domin tarin fuka. Idan likita ya rubuta muku antibayotik, ku sha yadda ya ce, kada ku raba da wani."

Ku lura mun ce "ku", ba "ka" ko "ki" ba, domin bencin na kowa ne. Mun bar "numfashi da sauri" haka nan, ko da yake ma'aikatan lafiya na da ma'auninsa: sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. Lissafin na mai duba yaro ne, uwa kuwa ƙirjin ɗanta za ta kalla. Kalmar bairos ma mun cire ta, domin babu abin da uwar za ta yi da ita a gida.

Wanda zai gwada rubuta tasa, kada ya manna sai ma'aikacin lafiya ya duba kowace jimla. Sannan ya karanta wa wata gwaggo da ba ta yi boko ba, da murya, sau ɗaya tak, ya tambaye ta, "Gwaggo, in jikanki na mura yanzu me za ki yi?" Idan ta ce za ta aika kemis, a koma kan takarda.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.