Zuwa ga wanda ya haɗa mini sola a Maruta

Injiniya,

Na rubuto ne saboda ka daina ɗaukar wayata. Aikin da ka yi mini ba shi ne muka yi ciniki a kansa ba, kuma ka sani.

Da hannunka ka rubuta lissafin a bayan rasit: fanel shida masu wat 400, wato wat 2,400, rana mai ƙarfi awa biyar da rabi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, saura yunit goma a wuni. A kan wannan na sayar da shanu biyu. Yau abin da kwantirola ke nunawa da magariba bai wuce yunit huɗu ba. Kada ka ce batir ne ya cika ya daina karɓa. Bai taɓa cika ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗayan dare inbata ta fara kuka, firiza ta mutu, da asuba in tarar ƙanƙara ta koma ruwa, zoɓo ya yi tsami.

Ka ce ƙurar hunturu ce. Kullum da sassafe yarona na wanke fanel ɗin, ƙarin da aka samu bai kai yunit ɗaya ba.

Na ɗauko wani mai aikin sola daga Birnin Kudu ya hau rufin, ga abin da ya gano. A takarda ka rubuta MPPT, a bango PWM ka kafa, wadda ko rabin kuɗin waccan ba ta kai ba. Fanel ɗin nan a wajen bolt 40 yake ba da cikakken ƙarfinsa, ita kuwa PWM janyo shi take yi ƙasa zuwa bolt 28 na batir. Amfiya goma sau 28, wat 280 ke nan maimakon 400. Kusan kashi uku cikin goma sun tafi tun wuta ba ta shiga batir ba. Kai da wannan ce sana'arka, ba za ka ce kuskure ba ne. Ha'inci ne.

Sannan duka shidan ka tara su a kan waya ɗaya mai milimita huɗu. Da azahar ba ta taɓuwa don zafi, robarta har ta fara laushi, a ɗakin da 'ya'yana ke kwana bayansa. Fanel ɗin kuma arewa ka fuskantar da su don nan tsaninka ya fi kaiwa, alhali a hunturu rana ta kudu take bi. Inuwar dalbejiya ma tana rufe biyu tun kafin la'asar.

Ga abin da nake nema kafin Juma'a mai zuwa: ka kawo MPPT ɗin da na biya, ka sauya wayar, ka mayar da fanel ɗin kudu, duk da kuɗinka. Mu tsaya tare da magariba mu karanta lambar. In ba ka zo ba, rasit yana hannuna, zan kai maganar gaban mai gari, daga nan kotu a Gwaram.

Wassalam.
Mai shagon ƙanƙara, Maruta