Ƙarin farashi ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sannan aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin shekarar, da wuya a samu ɗan kasuwar da bai taɓa farashinsa ba. Jama'a sun san da haka. Abin da ke ɓata musu rai shi ne yadda ake yin ƙarin: mutum ya shekara biyar yana sayayya a wuri ɗaya, ya miƙa kuɗin da ya saba, sai yaron shago ya ce masa "ai ya tashi", ba sanarwa ba bayani.

Ra'ayinmu shi ne, abokin ciniki na kullum yana da haƙƙin abu uku a kan mai sana'a: ya ji labarin ƙarin kafin ranar, ya ji daga bakin mai kayan, kuma ya ji ainihin dalili. Gidan burodi zai isa misali, domin yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, saboda haka duk motsin dala sai ya taɓa shi.

A ɗauka buhun fulawa mai kilo 50 yana ba mai gidan burodi guda 100. Da yana sayen buhun naira 50,000, sukari da bota da yis su ci 15,000, makamashi da leda da ladan ma'aikata su ci wata 15,000. Jimilla 80,000 ke nan, wato kowane burodi ya tsaya masa a 800. Yana ba masu shayi da masu shago a 900, ribarsa 100.

Sai fulawa ta koma 60,000, kayan haɗi 18,000, sauran ɗawainiya 17,000. Yanzu buhu yana cin 95,000, burodi ɗaya ya tsaya a 950. Idan ya ci gaba da sayarwa a 900, asarar naira 5,000 yake yi a kowane buhu. Kafin ya dawo da ribarsa ta da, sai ya mayar da farashi 1,050.

Wannan lissafi shi ne matakin farko, kuma da yawa ba sa yin sa. Wanda bai san nawa kaya suka tsaya masa ba, sai ya ƙara 50 yau don jin nauyin mutane, bayan mako biyu ya ga bai isa ba ya sake ƙara 50, sannan wata 50. Ƙari uku a wata ɗaya ya fi ƙari ɗaya na 150 zubar da amana, domin mai saye zai fara zargin ana gwada shi ne a ga inda zai tsaya.

Hanyar da ta fi jan hankalin masu sana'a ita ce a bar farashi a 900 a rage girman burodin a ɓoye. Kafin hakan ya biya, sai an fitar da kusan guda 119 daga buhun da ke ba da 100, wato kowane burodi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Mai shayin da ke yanka shi kullum zai gane tun safiyar farko. Ba zai ce komai ba, amma ya riga ya sa wa gidan sunan mai tauye mudu, kuma zai faɗa wa abokan sana'arsa. Idan ana son a samar da mai sauƙin kuɗi, a yi shi a fili: ga babba a 1,050, ga matsakaici a 900, kowanne da ledarsa.

Batun lokaci ma yana da muhimmanci. Mai shayin da ke ɗaukar burodi 30 a rana, ƙarin 150 na nufin ya nemo wata naira 4,500 kowace rana, kuma shi ma sai ya shirya yadda zai gaya wa masu zama a teburinsa. Idan ya ji labari da asuba a bakin mai babur ɗin da ya kawo kaya, an bar shi da zaɓi biyu marasa daɗi: ya haɗiye asara, ko ya yi musu da mutanensa.

Masu sana'a za su ce jinkiri kuɗi ne, kuma gaskiya suka faɗa. Gidan da ke kwaɓa buhu uku a rana, idan ya ba da wa'adin kwana uku, zai yi asarar naira 45,000. Amma wannan kuɗi ne da aka san iyakarsa. Mai shayi ɗaya da ke ɗaukar 30 kullum yana kawo ribar 3,000 a rana, wato 90,000 a wata. Rasa shi kaɗai ya ninka kuɗin wa'adin sau biyu cikin wata guda. Wanda ba zai iya ba kowa wa'adi ba, ya ba manyan masu ɗauka.

Sanarwar kanta ba ta buƙatar tsawo. Manyan abokan ciniki a kira su ko a je wurinsu. Sauran a tura musu saƙon WhatsApp, a kuma liƙa takarda a ƙofa. Ga irin abin da ya wadatar:

"Salamu alaikum Malam. Daga ranar Litinin babban burodi zai koma 1,050 daga 900. Buhun fulawa ya tashi daga 50,000 zuwa 60,000, sukari da bota ma sun tashi. Girma da inganci suna nan yadda ka sani. Har zuwa Lahadi za ka ɗauka a tsohon farashi. Mun gode da zumunci."

A lura, saƙon ya ambaci fulawa da kuɗinta, abin da kowa zai iya tambaya a kasuwa ya tabbatar. "Halin da ƙasa ke ciki" ba dalili ba ne, domin ba wanda zai iya auna shi. Haka kuma kada a ɗora laifi a kan abin da bai shafi gidan ba. Wanda ke gashi da itace ya ce gas ne ya tashi, ranar da aka gano, ko gaskiya ya faɗa gobe ba za a yarda ba. Idan wani ɓangare na ƙarin don a ƙara wa ma'aikata lada ne, a faɗa. Ba abin kunya ba ne.

Wasu za su tafi duk da haka, kuma ba lallai fushi ne ya kore su ba, aljihu ne. Mai gida ya duba littafinsa bayan mako biyu. Idan mutane suna zuwa amma sun rage yawan abin da suke ɗauka, matsalar kuɗi ce, matsakaicin burodi zai iya riƙe su. Idan tsofaffin abokan ciniki sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya ba sallama, to an ɓata musu ne, kuma ya kamata a bi sawu a ji.

Sai dai faɗin gaskiya yana zuwa da nauyi. Wanda ya ce fulawa ce ta sa ya ƙara, ya ɗaure kansa: ranar da buhu ya sauko, mutane za su jira su ga ko zai sauko. A nan ne yawancin ƙorafin jama'a yake, cewa kaya a ƙasar nan in sun hau ba sa dawowa. A misalinmu, idan fulawa ta koma 55,000, burodi ya samu sauƙin naira 50. Mai gidan da ya tura saƙo ya ce ya koma 1,000 tun kafin a tambaye shi, shi ne wanda za a yarda da maganarsa a ƙari na gaba.