Takardar Tuni Daban, Rubutaccen Jawabi Daban

Ɗalibin da ya zo gabatar da muƙala a Jami'ar André Salifou ta Zinder ɗauke da shafi goma da zai karanta baƙi da baƙi ya ƙwari kansa tun kafin ya buɗe baki. Jimlar rubutu doguwa ce, an gina ta domin ido, wanda ke iya komawa baya. Kunne ba ya komawa baya. Don haka ra'ayina shi ne mai jawabi ya riƙe takardar tuni guda ɗaya, kada ya rubuta a cikinta sai abin da ƙwaƙwalwa ke saurin saki: sunaye, shekaru, misalan harshe, da kalmar da za ta ƙetarar da shi daga batu zuwa batu.

A ɗauki jawabin minti goma sha biyar a kan kalmomin da Hausar Damagaram ta aro daga Faransanci. Gabatarwar tarihi layi biyu ya ishe ta: Faransawa sun kama Zinder a 1899, kuma garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Shekarun dole a rubuta su, domin wanda ya ce 1962 a maimakon 1926 ba zai ji kuskurensa ba, amma malaman da ke gabansa za su ji. Bayanin da ke kewaye da su kuwa a bar wa baki.

Misalan harshe su ne inda ya kamata alƙalami ya daɗe. A rubuta lakwal, kusa da ita makaranta. Mushe, kusa da ita malamin makaranta. Kowace a sa mata alamar karin sauti da tsawon wasali, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna su, kuma harshen wanda ya firgita yakan zame. Mushe ta fi bukatar wannan kulawa, domin a takarda ba ta da bambanci da mushen dabba. A gefe sai tuni gajere: “é ta école ta zama la, me ya sa?” Wannan ya isa ya tuna masa cewa Bahaushe ya haɗiye kalmar ne tare da harafin l na l'école. A ƙasa kuma a sa “minti 10”, don ya san ko ya makara.

Akwai masu cewa wanda bai saba ba, musamman idan zai yi magana da Faransanci, gara ya rubuta komai. Tsoronsu gaskiya ne, kuma na yarda a rubuta jimlar farko da ma'anar da aka ɗauko daga wani masani cikakku. Sauran, maganinsa gwaji ne da murya sau biyu ko uku, da agogo a gefe. Inda ya tsaya yana lalube, nan ake ƙara kalmar tuni. Inda ya tarar idonsa ya bi layi uku bai ɗaga kai ba, takardar ta fara komawa rubutaccen jawabi, sai a soke fi'ilai da mahaɗai a bar sunaye da lambobi.