Sharhi: Nawa Ka Sayi Kayan da Ka Sayar?



Sharhinmu na yau a kan wani lissafi ne da ɗaliban akanta ke haɗuwa da shi a jarrabawar WAEC da NECO, wanda kuma mai shago a Kasuwar Singa ko mai hatsi a Dawanau ya fi ɗalibin bukatarsa. Lissafin shi ne na gano kuɗin da kayan da aka sayar suka ci wa mai su, wato uwar kuɗin kayan da suka fita daga shago a cikin wani lokaci, wata guda ne ko shekara.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu idan wata ya ƙare, abin da suke yi shi ne su tara cinikin da aka yi, su cire kuɗin da suka kashe wajen sari, abin da ya rage su kira shi riba. Wannan hanya tana ɓatar da mutum, domin kayan da ka saro a wannan wata ba su ne daidai kayan da ka sayar a wannan wata ba. Ka shigo watan da tsofaffin kaya a sito, kuma za ka fita daga cikinsa da ragowar wasu. Dole a sa waɗannan biyun a lissafi.

Ga ƙa'idar, mai biro ya rubuta. Kayan da aka buɗe wata da su, a haɗa da sarin da aka yi a cikin watan, sannan a cire kayan da suka rage ranar rufewa. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗin kayan da aka sayar. Dalilin a fili yake: duk abin da ya shigo hannunka, ko dai yana nan, ko ya fita. Idan ka san jimillar abin da ya shigo, ka kuma ƙirga abin da ke nan, to ka san abin da ya fita.

Bari mu ɗauki misali, da farashin da muka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Wani mai sayar da shinkafa ya wayi gari ranar ɗaya ga wata da buhu 20 a sito. Kowane buhu ya tsaya masa a kan Naira dubu 50. Kayan buɗewarsa ke nan, Naira miliyan 1. Wannan adadi ba ya bukatar sabon bincike, shi ne dai adadin da aka rufe watan jiya da shi. Idan littafi ya nuna an rufe da abu kaza, aka buɗe da wani abu daban, to tun daga layin farko akwai matsala.

Mataki na biyu, sari. A cikin watan ya saro buhu 100, kowane a kan Naira dubu 59. Amma shinkafa ba ta kawo kanta shago. Ya biya kuɗin mota da na 'yan dako, wanda ya kama Naira dubu 1 a kan kowane buhu. Wannan kuɗi na cikin kuɗin kaya, domin ba don shi ba da buhun bai iso inda za a sayar da shi ba. Saboda haka kowane sabon buhu ya tsaya masa a kan dubu 60, sarin watan gaba ɗaya Naira miliyan 6.

A nan akwai abubuwan da ake yawan rikitawa. Kuɗin kawo kaya shago yana shiga, amma kuɗin kai wa mai saye kayansa gida ba ya shiga, wannan ɗawainiyar sayarwa ce, wurinta daban. Haka kuɗin haya, da albashin yaran shago, da kuɗin wuta. Idan ka mayar wa dila wasu buhuna saboda sun jiƙe, ka cire kuɗinsu daga sari. Idan ya yi maka ragi, farashin bayan ragin za ka rubuta. Kuma kayan da ka karɓo bashi sari ne tun ranar da suka zama naka, ko da ba ka biya ko kwabo ba. Mutane kan bar su a waje don ba su ga kuɗi ya fita daga aljihu ba, sai ribar ta kumbura a takarda, ranar biyan bashi kuma a rasa inda ta shige.

Yanzu mu haɗa. Miliyan 1 na buɗewa da miliyan 6 na sari, Naira miliyan 7 ke nan, buhu 120. Wannan shi ne duk abin da yake da shi na sayarwa a watan.

Mataki na uku shi ne inda aikin yake, kuma shi ne wanda aka fi yi wa kasala. Ranar ƙarshen wata sai a shiga sito a ƙirga, buhu bayan buhu, da hannu da ido. Mutuminmu ya ƙirga ya sami buhu 30. To amma lissafin da kuɗi ake yin sa, ba da buhu ba. A kan wane farashi za a sa waɗannan 30 ɗin? Na dubu 50 ne ko na dubu 60?

Hanyar da ta fi dacewa da yadda mai kayan abinci ke aiki ita ce a ɗauka cewa tsohon kaya shi ya fara fita. Ashirin ɗin farko sun tafi, duk abin da ya rage sabo ne. Buhu 30 sau dubu 60, Naira miliyan 1 da dubu 800. A cire wannan daga miliyan 7, saura miliyan 5 da dubu 200. Wannan ita ce uwar kuɗin buhu 90 da suka fita. Mai son tabbatarwa ya bi ta ɗaya gefen: buhu 20 na dubu 50 miliyan 1 ne, buhu 70 na dubu 60 miliyan 4 da dubu 200 ne, jimilla miliyan 5 da dubu 200. Sun yi daidai.

A ce ya sayar da kowane buhu a kan dubu 65. Cinikin buhu 90 ya kama miliyan 5 da dubu 850. A cire uwar kuɗi, ribarsa dubu 650 ce, kafin a fitar da haya da albashi da sauran ɗawainiya. Da ya bi tsohuwar hanya, ya cire sarin miliyan 6 daga ciniki, da ya kwana da baƙin cikin asarar dubu 150, alhali riba ya ci, tana jibge a sito cikin buhuna. A wani watan kuma abin na iya juyewa: bai yi sari sosai ba, ya yi ta sayar da tsohon kaya, ya ga kuɗi sun taru, ya ɗauka riba ce ya fara kashewa, bai san jarinsa yake ci ba. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin shi ne ke rufe shaguna.

Akwai wata hanyar sa farashi da ta halatta, ta matsakaicin farashi. A raba miliyan 7 gida 120, kowane buhu ya kama dubu 58 da ɗari 3 da 'yan kai. Buhu 30 sun zama miliyan 1 da dubu 750, uwar kuɗin da aka sayar miliyan 5 da dubu 250, riba dubu 600. Wannan ta fi sauƙi ga mai juye hatsi wuri guda yana auna wa mutane da kwano, inda ba a iya raba tsoho da sabo. Bambancin dubu 50 ɗin ba kuskure ba ne, zai daidaita kansa idan ragowar kayan suka fita. Sharaɗin kawai shi ne ka riƙe hanya ɗaya, kada ka riƙa sauyawa duk wata don neman wadda ta fi faranta maka rai. Ƙa'idar akanta ta duniya kan ajiyar kaya, IAS 2, wadda kamfanonin Najeriya da ke kasuwar hannun jari suka fara aiki da ita a 2012, ta yarda da waɗannan hanyoyi biyu, ta kuma hana a ɗauka cewa sabon kaya ne ke fara fita.

Abin da ba a yi shi ne a ƙiyasta ragowar kaya a kan farashin sayarwa. Da ya sa buhu 30 a kan dubu 65, da ribarsa ta haura zuwa dubu 800, dubu 150 a cikinta riba ce ta kayan da babu wanda ya saya tukuna. Mai ƙiyasta kayan shago don fitar da zakka yakan duba farashin kasuwa na ranar, wannan hukunci ne daban da manufa daban, kada a haɗa shi da wannan lissafi. A nan farashin da kaya suka tsaya maka ake sawa, sai fa idan darajarsu ta faɗi ƙasa da haka. Buhun da ruwa ya taɓa, wanda ba zai sayu ba sai a kan dubu 40, a dubu 40 za a rubuta shi, a amshi asarar tun yanzu. Kuma ku lura, duk Naira ɗaya da aka ƙara wa ragowar kaya bisa kuskure, Naira ɗaya ce aka ƙara wa ribar wannan wata, kuma ita ce za ta ragu daga ribar wata mai zuwa, tunda da adadin nan za a buɗe shi.

Wajen ƙirga, a kula da kayan da ba naka ba. Buhunan da wani ya ajiye a sitonka, ko waɗanda aka riga aka saya ba a zo ɗauka ba, ba sa cikin ragowar kayanka.

Saura iyakar wannan lissafi, wadda ya kamata kowane mai shago ya sani. Ƙa'idar ba ta san abin da aka sayar ba, abin da ya fita kawai ta sani. Buhun da aka sace, da wanda ɓera ya lalata aka zubar, da wanda maigida ya aika gida don cefane, duk za su shige cikin uwar kuɗin kayan da aka sayar, su yi shiru. Yadda ake kamo su shi ne a kwatanta da littafin ciniki. Ƙidaya ta ce buhu 90 sun fita. Idan rasit ya nuna 88 aka sayar, to buhu 2 na Naira dubu 120 sun bi wata hanya. Ciniki ya koma miliyan 5 da dubu 720, riba ta sauko zuwa dubu 520.

Kafin a zargi yaron shago, maigida ya fara tambayar kansa. Idan buhu ɗaya gidansa ya tafi, a cire dubu 60 daga sari a rubuta shi a matsayin abin da mai shago ya ɗiba, domin ba asarar kasuwanci ba ce. Idan an bayar da ɗayan bashi an manta ba a rubuta ba, ciniki ne, a shigar da shi a nemi mai shi. Abin da ya rage bayan wannan ne kaɗai ɓataccen kaya, shi ma a ba shi layinsa daban a littafi, don a ga ko yana maimaituwa. Wanda ke ƙirga sitonsa duk ƙarshen wata zai iya tuna wanda ya zo da abin da ya ɗauka. Wanda ya bari sai shekara ta zagayo, giɓin kawai zai tarar.