Tsakanin Dogo Da Rediyo

Jama'a, a ofishinmu akwai mutum biyu da sunayensu na yanka suka ɓace. Ɗaya Dogo, saboda tsawonsa. Shi da kansa idan ya buga waya sai ya ce, "Dogo ne ke magana." Wannan laƙabi na ƙauna ne, ɗan'uwan su Tanko da Auta da iyaye kan raɗa a gida.

Na biyun wani ƙaramin akawu ne mai i'ina. Wata rana shugaban sashensu ya kira shi Rediyo, aka kwashe da dariya, sunan ya bi shi. Yakan amsa da murmushi, amma tun daga ranar bai ƙara buɗe baki a wurin taro ba.

To, ina bambancin? Bafillace da Babarbare sukan yi wasa domin kowa na iya ramawa. Akawu kuwa ba shi da halin rama wa shugabansa, murmushinsa na dole ne.

Kafin ka laƙaba wa wani suna, tambayi kanka: za ka iya kiransa da shi gaban 'ya'yansa da surukansa? In ba za ka iya ba, zambo ne. Suna linzami ne.