Sharhi: Bulon ƙasa mai ɗan siminti da iyakarsa a gaban ruwan damina a kwarin Rima

Tun bayan ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa ta kuma rusa gidajen laka a Argungu da Birnin Kebbi, tambaya ɗaya ke dawowa kowace damina: da me talaka zai sake gini? Tashin farashin siminti a farkon 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, ya ƙara jawo hankali ga bulon ƙasa da ake matsewa da inji bayan an gauraya shi da ɗan siminti. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana tallata shi. Sai dai kafin a sa shi cikin shirin sake tsugunar da jama'a, ya kamata a san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Aikin simintin shi ne ya ɗaure ƙwayoyin yashi, don kada bulon ya narke idan ya jiƙe. Yawanci ana zuba kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin ƙasar. Bulo mai nauyin kilo 7.5 a kan kashi 5 yana cin giram 375, wato buhu ɗaya mai kilo 50 zai ba da bulo kusan 130. Idan ɗan kwangila ya fitar da 250 daga buhun, simintin bai kai kashi 3 ba. A ido ba za a bambance su ba. Ruwan Agusta ne zai tona asiri.

Ƙasar ma tana da nata sharaɗin. Baƙar lakar fadama, wadda ta fi kusa da hannun mazauna bakin gulbi, tana kumbura da ruwa ta tsage da rani, kuma ɗan siminti ba ya iya riƙe ta. Jar ƙasar tudu mai yashi da tsakuwa ita ce ta dace. Bayan bugawa kuma, sai an lulluɓe bulon ana yayyafa masa ruwa aƙalla mako guda, a bar shi ya cika kwana 28. Wanda aka shanya a zafin Afrilu tun ranar farko ya bushe ne kawai, bai yi ƙwari ba.

Ko da an cika waɗannan, ruwa na cin bango ta hanya uku. Akwai wanda iska ke korowa. A wannan yanki hadari ya fi tasowa daga gabas, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Bulo mai kyau yana jure wannan shekaru da dama. Akwai wanda ke zubowa daga rufi ya fantsamo gindin bango, yana sassaƙe sahun ƙasa sannu a hankali. Na uku shi ne ruwan da ke kwanciya kwanaki. Bulon na tsotse shi, ƙarfinsa na iya raguwa da kusan rabi, alhali nauyin ginin duka na kansa. A nan ne ɗan siminti ke gazawa, kuma irin wannan ruwan ne ambaliyar Rima ke kawowa.

Gine-ginen da ake kafa hujja da su sun kiyaye wannan iyaka. Makarantar firamare da Francis Kéré ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001 tana ƙarƙashin faffaɗan rufin kwano da ya zarce bango sosai. Maginan gargajiya ma sun san haka, shi ya sa suke sa indararo ya jefa ruwa nesa, suna shafe bango da makuba.

Saboda haka duk shirin gidaje da gwamnatin Kebbi ko wata ƙungiya za ta kawo da wannan bulo, abin tambaya ba yawan gidajen kaɗai ba ne. A ina filin yake, tudu ko hanyar ruwa? Shin an ɗaga harsashi da dutse ko kankare har ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa? Shin bakin rufi ya fito kamar rabin mita? Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike: a zaɓi bulo biyar daga tulin, a nutsa su cikin ruwa awa 24. Idan ruwan ya yi jajir, gefuna suka zube, ko farce ya shiga jiki, a mayar da kayan kafin a biya kuɗi.

Wanda gidansa ya faɗi sau ɗaya ba shi da halin gwaji na biyu. Inda ruwa ke kwanciya, a sauya fili ko a sauya abin da za a gina gindin bango da shi.